Oga na turo saƙo ƙarfe 11 na dare: tambayoyi da amsoshi ga ma'aikaci a Gombe

Na yi shekaru ina aiki a sashen kula da ma'aikata na wani kamfani a nan Gombe, kuma ƙorafin da na fi ji bayan na albashi shi ne na waya. Mutum ya tashi daga aiki, ya yi Magariba, ya ci tuwo, ya yi Isha'i, ya kwanta, sai wayar ta yi ƙara. Oga ne. Kafin ya gama mutsuttsuke ido wani saƙon ya biyo baya: "Kana ina ne?" Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka sha yi mini, wasu a ofis, wasu a majalisa bayan an tashi.

Wai akwai dokar da ta hana oga damuna da daddare?

A Najeriya babu dokar da ta fito ƙarara ta hana shugaba tura wa ma'aikaci saƙo bayan lokacin aiki. Wasu ƙasashe sun yi irin wannan doka. Ta Faransa ta fara aiki a farkon 2017, inda ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su zauna da ma'aikatansu su tsara yadda za a bar mutum ya huta daga saƙonnin aiki. Ostareliya ta yi tata a 2024, ta ba ma'aikaci damar ƙin amsa saƙon bayan aiki matuƙar ƙin nasa bai saɓa wa hankali ba. Mu ba mu kai nan ba, don haka kada ka shiga ofishin oga kana karanto masa dokar Faransa.

Abin da muke da shi shi ne sashe na 13 na Dokar Ƙwadago. Ya ce lokacin aiki shi ne wanda aka yi yarjejeniya a kai, ko tsakaninka da mai aiki, ko ta hannun ƙungiyar ƙwadago, ko ta hukumar tsara albashi. Duk abin da ya haura wannan ƙarin lokaci ne. Ya kuma ce a cikin kowane kwana bakwai sai an ba ma'aikaci hutun kwana ɗaya, wanda bai gaza awa 24 a jere ba. Sai dai akwai inda gizo ke saƙar. Kalmar ma'aikaci a wannan doka ta fi shafar masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis, ta cire masu aikin gudanarwa da ƙwararru irin su akanta da injiniya. Idan kana cikin waɗannan, madogararka ita ce takardar ɗaukarka aiki da littafin ƙa'idojin kamfani.

Saboda haka ka ɗauko takardar nan ka karanta tun kafin ka yi magana da kowa. Nemi wurin da aka rubuta lokacin zuwa da na tashi. Sannan ka duba ko akwai jimlar da ke cewa ana iya buƙatarka bayan lokaci idan aiki ya buƙata, domin takardu da yawa suna ɗauke da ita. Idan tana nan, ka amince da aikin gaggawa ne jefi-jefi. Ba ka amince da zama mai gadin waya kullum dare ba.

Me ya sa yake yin haka? Mugunta ce?

Wani lokaci iko ne kawai, yana son ya ga cewa ko ƙarfe nawa ya taɓa ka za ka motsa. Amma a abin da na gani, wannan shi ne mafi ƙaranci. Yawancin manajoji dare ne lokacin da kansu ke hucewa. Da rana baƙi, taro, waya. Sai bayan Isha'i mutum ya zauna ya fara tuno abubuwa, kuma duk abin da ya tuno sai ya jefa maka don kada ya manta, ya mayar da wayarka littafin ajiyarsa. Wani kuma shi ma nasa ogan ne ke matsa masa daga Kano ko Abuja ko Legas, ya tambaye shi lissafi ƙarfe 10, shi kuma ya juyo kanka.

Akwai kuma laifinka a ciki, ko da ba ka so jin haka ba. Ranar farko da ya turo saƙo ƙarfe 11 ka amsa cikin minti ɗaya, har da "To ranka ya daɗe, yanzu-yanzu." Ka yi haka wata shida. Kai ka koya masa cewa a wannan lokacin kana nan, idonka biyu. Shi ya sa ranar da ka yi minti 20 ba ka amsa ba yake ganin wani abu ya faru, ko kuwa ka fara raina shi.

To daga ina zan fara?

Ba daga magana ba, daga rubutu. Ka yi mako biyu kana rubuta kowane saƙon da ya shigo bayan lokacin tashi: ranar, ƙarfe nawa, me aka tambaya, da kuma abin da zai lalace da a ce an bar shi zuwa safe. Wannan na ƙarshen shi ne ginshiƙi.

Bari in ba da misalin wani ƙanena, akawu a wani kamfanin rarraba kayan masarufi, yana zaune a Tumfure. Ya zo mini yana cewa zai ajiye aiki, manajansu ya hana shi barci. Na ce ya rubuta tukuna. Bayan mako biyu ya dawo da takarda: saƙo 23 bayan ƙarfe 9 na dare. Da muka zauna muka rarraba su, 14 tambaya ɗaya ce ake ta maimaitawa da kalmomi daban-daban, wato nawa aka sayar yau kuma nawa aka kai banki. Guda 6 abubuwa ne da ogan ya tuno, irin su "ka tuna mini da maganar mai shagon nan na Bolari." Guda 3 ne kawai na gaggawa, ciki har da daren da motar kayansu ta lalace tsakanin Darazo da Dukku, direba na buƙatar a tura masa kuɗin makaniki kafin gari ya waye.

Da ganin takardar sai maganar ta sauya. Ashe ba rigima ce za a yi a kan saƙo 23 ba. Guda 14 za su mutu da kansu idan ogan ya sami lissafin yini kafin ya tambaya. Yaron ya fara tura masa jimlar ciniki da abin da aka kai banki da abin da ya rage a sito kullum ƙarfe 5:30, kafin ya bar ofis, a tsari ɗaya da ba ya canzawa. Guda 3 na gaggawa kuwa ba shi da hujjar ƙin su, kuma bai ma so ya ƙi ba, domin direban abokinsa ne. Abin da ya rage a yi magana a kai guda 6 ne.

Yaya zan faɗa masa ba tare da ya ga na yi masa rashin kunya ba?

Kada ka yi da daddare, kada ka yi a saƙo, kada ka yi a gaban mutane. Amsar da aka rubuta ƙarfe 11:30 cikin fushi da magagin barci ita ce ke cin aiki. Ka same shi da rana, shi kaɗai, a ranar da ba a cikin tashin hankali, kuma gara a ce ka riga ka yi kwana uku ko huɗu kana tura masa rahoton yamma, ya ga amfaninsa.

Sannan kada ka je da "ka daina." Babba ba ya son na ƙasa ya kafa masa doka, kuma a nan garin ko yaya ka tausasa kalmar, in dai hani ce, za a ji ta a matsayin raini. Ka je da tayi. Ga kusan abin da ƙanen nan nawa ya faɗa:

"Ranka ya daɗe, akwai abin da nake son in nemi shawararka. Na lura wani lokaci kana nemana da daddare, ni kuma idan na kwanta ba na jin shigowar saƙo, ina tsoron wata rana abu mai muhimmanci ya wuce ni. Shi ne na ce ko za mu yi haka: idan abu ba zai jira safe ba, ka kira ni kai tsaye, na saita wayata kiranka zai shigo ko ƙarfe nawa ne. Wanda zai iya jira kuma ka ajiye mini a saƙo, in sha Allahu kafin ƙarfe 8 na safe ka ga amsa."

Ka lura bai ce an dame shi ba, bai ambaci haƙƙinsa ba. Ya ba ogan hanya mafi tabbas ta samunsa, kuma cikin wannan tayin iyakar take. Dalilin da ya sa dabarar ke aiki shi ne tura saƙo ba shi da nauyi, amma kiran magidanci ƙarfe 11 na dare yana da nauyi. Mutumin da zai jefa maka saƙo biyar ba tare da tunani ba, sai ya yi jim kafin ya danna kira, domin ya san za a ji ƙarar a ɗaki, iyali za su farka. Kunyarsa ce za ta tace maka na gaggawa daga wanda ba na gaggawa ba.

Washegari ka tura masa gajeren saƙo na godiya, ka maimaita abin da kuka tsayar. Ladabi ne, kuma shaida ce.

Ba zai fi sauƙi in ce babu wuta ko caji ya ƙare ba?

Kowa ya san halin wuta a garin nan, don haka uzurin zai shiga sau ɗaya, sau biyu. Amma idan saƙonsa ya nuna alama biyu, ya san ya isa wayarka, wato tana kunne kuma da data. Idan kuma ya gan ka kana ɗora hoton biki ƙarfe 11:15, ka tashi daga mai neman hutu ka koma maƙaryaci. Na kuma san wanda ya yi ta kukan rashin caji har ogansa ya saya masa abin ajiye caji, ya miƙa masa a gaban kowa. Daga ranar uzuri ya ƙare.

Me zan saita a wayar?

Abu na farko shi ne `Do Not Disturb`, wato saitin da ke hana wayar yin ƙara, wanda ke cikin wayoyin Tecno da Infinix da Samsung da sauransu. Ka sa masa lokaci, misali daga 9:30 na dare zuwa kiran Asuba. A cikinsa akwai wurin keɓe waɗanda kiransu zai iya shigowa. Ka sa wa lambar oga tauraro tare da ta mahaifiya da ta 'yan'uwa, ka zaɓi a bar kiran masu tauraro. Da haka ka cika alkawarin da ka yi masa. Ka gwada da rana, ka sa wani ya kira ka, domin sunayen wuraren sun bambanta daga waya zuwa waya, kuma ka gaya wa oga kiran layi kake nufi, ba kiran WhatsApp ba, wanda ba ya shigowa idan data na kashe.

A WhatsApp, mutane kan ruga su kashe `Read receipts` a ƙarƙashin `Privacy` don kada alamar ta zama shuɗiya. Yana taimakawa, amma da iyaka. Ba ya aiki a guruf, a can ana iya ganin wanda ya karanta. Kuma kai ma ba za ka ƙara ganin wanda ya karanta naka ba. Ka kuma duba `Last seen and online`, domin ganin kana kan layi shi ya fi tunzura oga, fiye da shuɗin alama. Guruf ɗin ofis kuwa kana iya yi masa `Mute`, amma idan aka ambace ka da alamar @ ko aka amsa saƙonka, sanarwa za ta shigo.

Shawarata ita ce ka yi waɗannan saituna bayan kun yi magana, ba kafin ba. Ogan da ya saba ganin shuɗi ya wayi gari babu, ba tare da bayani ba, zai fassara shi yadda ya ga dama. Wanda ke da hali kuma ya raba layi, na aiki daban, na gida daban. Ƙaramar waya mai maɓalli ta isa ta karɓi kiran gaggawa, babbar kuma ta kwana a falo.

Mun yi magana ya amince, amma bayan kwana uku ya ci gaba. Shi ke nan an koma gidan jiya?

A'a. Ai ba ka ce ya daina turowa ba, cewa ka yi za ka amsa da safe. Ya turo ɗari ma, yarjejeniya ba ta karye ba. Kai ne za ka iya karya ta, ranar da ka ga saƙo ƙarfe 10:40 ka ce wannan ai mai sauƙi ne, bari in amsa. Idan ka amsa yau ka ƙi gobe, ka koya masa cewa naci na biya, sai ya ƙara yawan "kana nan?"

Makon farko da na biyu su ne masu wuya. Ƙanen nan nawa ya ce a daren farko ya fi awa ɗaya yana juyi, wayar na falo amma hankalinsa na kanta. Abin da ya riƙe shi ne ɓangarensa na alkawarin: kullum bayan ya dawo daga masallaci da Asuba yakan zauna ya amsa komai, cikakkiyar amsa, da lissafi a haɗe, kafin ƙarfe 7. Ogan na farkawa ya tarar da aikinsa a gama. Idan kuma ya kira, yakan ɗauka a ƙara na biyu, ba tsaki, ba nuna gajiya. A wata na farko an kira shi sau biyu.

Idan da safe oga ya ce maka "Jiya na neme ka," kada ka shiga kame-kame da ba da haƙuri mai tsawo. "Na gani da Asuba, ranka ya daɗe, na turo amsar. Da ka kira ai da na ɗauka." Ka tsaya nan.

Ni mace ce, ogana namiji. Mijina ya fara magana.

Wannan ta fi kowace tambaya zuwa mini a ɓoye, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Waya na haske ƙarfe 11 da sunan wani namiji, ko lissafin sito ne a ciki, tana iya jawo abin da ya fi aikin girma. Ta wani ɓangaren kuma, 'yar'uwa, kin fi namiji hujjar da ba a musu da ita. "Yallaɓai, ka san yanayin gidan aure, bayan Isha'i ba na riƙe waya" magana ce da kusan duk wani babba a Gombe zai gane nan take, har ya ji nauyi. Ki nemi duk wani aikin bayan lokaci ya bi ta guruf ɗin ofis ko ta imel, inda wasu ke gani. Ki kuma nuna wa maigida saƙonnin da kanki tun kafin ya tambaya.

Amma ki bambance abu biyu. Idan saƙon ya fara da aiki ya ƙare da "kin yi barci ne?" ko yabon kwalliyar da kika yi da rana, wannan ya tashi daga matsalar lokaci. Kada ki goge komai. Ki ɗauki hoton saƙonnin da ranakunsu, ki ajiye a wani wuri ban da wayar, ki amsa sau ɗaya a rubuce cewa maganar aiki kaɗai kike so, sannan ki kai wa sashen kula da ma'aikata ko wani babba da kika amince da shi.

Aikina na asibiti ne, dole a neme ni da dare. Wannan ya shafe ni?

Idan kana kan jadawalin jiran kira, a asibiti ko wurin gyaran turakun sadarwa ko tsaro, amsa kira aikinka ne a daren da sunanka ke kai. Abin da za ka nema shi ne jadawalin ya kasance a rubuce, ana karɓa-karɓa, kuma a san abin da ake biya ko hutun da ake ramawa. Matsalar ita ce wurin da babu jadawali, sai a riƙa kiran wanda ya fi saurin ɗauka, shi kuma ya zama mai jiran kira na dindindin kyauta.

Da azumi fa?

Komai na juyewa, kowa idonsa biyu har sahur, oga na ganin ai ba barci kake ba. Ku sake tsayar da lokaci tun kafin a ga wata: ba saƙo daga shan ruwa zuwa bayan Tarawihi, goman ƙarshe kuma a bar mutum da Tahajjud ɗinsa. Haka abokan aikinmu Kiristoci suke da hujjar neman a bar musu safiyar Lahadi.

Idan ya ƙi fa, har ya fara yi mini barazana da kora?

A nan sai ka yi lissafi da idon basira, domin ba zan ce maka aiki na da sauƙin samu a Gombe ba. Da farko ka tabbata aikinka na rana ba shi da inda za a kama. Wanda ke makara da safe kuma yana ƙin amsa waya da dare ya miƙa wuƙar da za a yanka shi. Sannan ka adana shaida. A WhatsApp akwai `Export chat`, wanda ke fitar da hirar gaba ɗaya da ranaku da lokuta, ka tura wa imel ɗinka na kanka, ba na ofis ba.

Idan aka ba ka takardar neman bahasi saboda rashin amsa saƙon dare, ka amsa a rubuce cikin wa'adin da aka ba ka, cikin ladabi. Ka kawo lokacin aikin da ke takardar ɗaukarka, lokacin da saƙon ya shigo, lokacin da ka amsa, da yarjejeniyar kira da kuka yi. Kada ka ƙi karɓar takardar, wannan kansa laifi ne da za a riƙe. Daga nan sai sashen kula da ma'aikata, sai ƙungiyar ƙwadago idan kuna da ita. Ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya da ke jiha yana shiga tsakani a yi sulhu. Can ƙarshe akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba hurumin shari'o'in aiki, kuma tana da reshe a Gombe da Bauchi. Amma kotu maganar lauya ce da kuɗi da watanni, kuma galibi ana zuwa can ne bayan an riga an rabu.

A ƙananan kamfanoni inda oga shi ne mai kamfani, shi ne sashen ma'aikata, wani lokaci ma shi ya biya maka kuɗin makaranta, babu waɗannan matakai. Abin da ke aiki a nan shi ne a sami wanda yake jin nauyinsa, tsohon ma'aikaci ko amininsa, ya yi masa maganar a gefe. Kuma idan ku huɗu ne abin ke damu, ku nemi tsari ɗaya na ofis gaba ɗaya, kada a ga kai kaɗai ne mai taurin kai.

Ni ne ogan. Dare ne kawai nake samun natsuwar tuna abubuwa. Ya zan yi?

Rubuta abinka da dare, amma kada ya isa wayar yaronka sai da safe. A Gmail akwai `Schedule send`, ka rubuta ƙarfe 11 ka sa ya tafi ƙarfe 8. A WhatsApp kana iya tura wa lambarka saƙo, ka tara su can, da safe ka tura wa masu su. Idan kuma dole ka tura a daren, fara da "Ba na gaggawa ba ne, sai da safe," domin yaron da ke ƙarƙashinka ba zai iya gane wanne ne zai jira ba, duk saƙonka umarni ne a wurinsa. Kuma idan kai ma daga hedikwata ake tambayarka lissafi ƙarfe 10, ka duba abin da suka saba tambaya, ka sa a haɗa maka shi kafin a rufe ofis.